Sikana mai waya ko mara waya: wanne ya dace da shagon da ke barin rubuta lissafi a littafi ya koma kwamfuta?

Dukkansu aiki ɗaya suke yi. Suna karanta lambar da ke jikin kaya, su rubuta ta a kwamfuta kamar an buga da madannai, galibi su ƙara Enter a ƙarshe. Bambancin yana wajen yadda lambar ke isa.

Mai waya, da ka jona shi a USB an gama. Ba caji, ba yankewa, kuma ya fi araha. Iyakarsa tsawon wayarsa, kusan mita 2, don haka kaya mai nauyi sai an ɗago shi zuwa kanta.

Mara waya kuwa, ranar ƙidayar kaya ake sanin amfaninsa, domin kana bin kantoci kana harbawa. Sai dai idan ka yi nisa da kwamfuta, wasu sukan yi ƙara kamar sun karanta alhali lambar ba ta shiga ba. Ka harba kwali 40, manhaja ta nuna 34, ba ka san waɗanne 6 suka zube ba. Maganinsa shi ne a saye mai ajiye lambobi a cikinsa, ya juye su daga baya.

Ni dai a ganina, mai kanta ɗaya ya fara da mai waya. Kowanne ka ɗauka, buɗe Notepad ka harba lambar EAN-13, wato zanen layi-layi mai lambobi 13 da ke jikin yawancin kayan shago. Idan lambobi 13 suka fito cif, layi ya sauka, saitin ya yi. Idan alamomi suka fito a madadinsu, harshen madannan sikana ne bai yi daidai da na kwamfuta ba.