Samfurin rasit mai babbar jimla: gidan hatimi ya yi, amma a duba fomular kafin a buga

Samfurin da nake magana a kai fayil ne na lissafi mai shafi biyu, ɗaya na takardar neman biya, ɗaya na rasit, kuma ana buɗe shi a Excel ko a LibreOffice Calc. Abu biyu mai shi ya tallata, wato jimlar da ido ba zai tsallake ta ba, da fili na musamman don hatimi. A kan takarda A4 duka biyun suna nan kamar yadda ya faɗa. Na auna gidan hatimin da rula bayan na fitar da shi daga firinta, faɗinsa milimita 55, tsayinsa 45, kuma hatimi mai zagaye na milimita 40 ya zauna a ciki daram, bai taɓa sa hannu ba, bai hau kan rubutu ba. Duk wanda ya saba ganin rasit da aka danna wa hatimi a kan lambobi har ba a gane 3 da 8, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da a ranar farko na rubuta wannan sharhi, da yabo kawai zan yi.

Matsalar tana cikin jimlar da ake taƙama da ita. Samfurin ya ware layi goma na kaya, daga layi na 12 zuwa na 21, jimlar kuma tana layi na 22, ƙarƙashinsu kai tsaye. Fomular da ke cikinta ita ce:

```
=SUM(E12:E21)
```

Muddin kayan ba su wuce iri goma ba, lafiya lau. Sai aka samu cinikin da ya kai iri goma sha biyu. Abin da kowa zai yi shi aka yi: aka danna kan layin jimla, aka ƙara layi biyu a samansa, aka kwafo fomular ninkawa zuwa sababbin layukan. Layi goma na farko sun haɗu sun ba da 184,500. Na sha ɗaya guda 6 ne a kan 2,750, ya ba da 16,500. Na sha biyu guda 3 a kan 4,200, ya ba da 12,600. Kowane layi ya nuna adadinsa daidai a gefen dama, babu abin da zai sa mutum zargi. Amma jimlar, wadda yanzu ta sauka layi na 24, tana nan a 184,500, alhali 213,600 ya kamata ta nuna. An bar 29,100 a waje.

Ɓarnar ba ta tsaya a nan ba, domin gidan ciko daga jimlar yake ɗauka. Mai saye ya ba da kafin alƙalami na 100,000, sai takardar ta ce saura 84,500, maimakon 113,600. A haka ta fita, da hatimi da sa hannu. To ina dalilin da zai sa ya yarda daga baya cewa akwai sauran 29,100 a kansa? Takarda tana hannunsa, hatimin shago yana kai, lambar kuma an rubuta ta da manyan baƙaƙen da ba mai cewa bai gani ba. Girman jimlar ma shi ya taimaka wa kuskuren, don ido yana zuwa kanta kai tsaye, ba wanda zai tsaya ya sake haɗa layi goma sha biyu da kansa.

Dalilin mai sauƙi ne. Idan an saka sabon layi a tsakiyar zangon da fomula ta kewaye, misali tsakanin 15 da 16, zangon yana faɗaɗa da kansa ya koma E12:E22. Idan kuwa an saka shi a ƙasan layi na ƙarshe, to a wajen zangon ya faɗa, fomular ba ta san da shi ba. Excel yakan lura wani lokaci ya gyara da kansa, amma ba abin da za a jingina kuɗin shago a kansa ba ne. A LibreOffice Calc akwai zaɓin da ake kira "Expand references when new columns/rows are inserted", kuma a kashe yake zuwa sai mutum ya kunna. Ba laifin manhajojin ba ne, haka aka san aikinsu. Wanda ya tsara samfurin don ƙaramin shago ne ya kamata ya san cewa ranar da kaya za su wuce goma tana zuwa, kuma a ƙasa mutane suke ƙara layi.

Gane kuskuren ba wuya ga wanda ya san inda zai duba. A danna gidan jimlar sau biyu, manhajar za ta zagaye gidajen da take haɗawa da layi mai launi. Idan zagayen ya tsaya kafin layin ƙarshe na kaya, to jimlar ƙarya ce. Wata hanyar ita ce a zaɓi duk adadin kayan da ke sahun E da linzami, ban da gidan jimlar, a dubi jimlar da ke fitowa a ƙasan allo, a kwatanta da babbar.

Gyaran da na fi so shi ne wanda ba ya buƙatar wata ƙwarewa. A saka layi ɗaya wanda babu komai a ciki tsakanin kaya na ƙarshe da jimla, a matse tsayinsa ya zama siriri, a shafa masa launin toka don a san ba na rubutu ba ne. Sannan a sa fomular ta fara daga layin kanu ta ƙare a wannan siririn layin:

```
=SUM(E11:E22)
```

Layi na 11 rubutu ne, SUM kuma ba ta kula rubutu, layi na 22 fanko ne, saboda haka ba abin da suka ƙara wa lissafin. Amfaninsu shi ne duk inda aka saka sabon layin kaya, sama ko ƙasa, a cikin zangon zai faɗa. Ka'ida ɗaya ce za a gaya wa yaron shago: a saman layin toka ake ƙarawa. Aikin minti biyu ne, kuma abin da ya ba ni haushi ke nan, tunda minti biyun nan mai samfurin ya kamata ya kashe. A tuna a yi gyaran a shafukan biyu, domin kowanne da tasa fomular.

Bayan wannan na ɗan huce, na ce to an wuce wurin. Sai batun girman takarda ya taso. Rasit na kaya uku ko huɗu a kan A4 asarar takarda ce, shi ya sa yawancin masu shago za su so A5, wadda take milimita 148 da 210, rabin A4. Samfurin ba shi da tsarin A5 nasa, sai dai a rage girman wajen bugawa, kuma ragin daga A4 zuwa A5 kashi 71 ne cikin 100. Komai yana raguwa tare. Gidan hatimin nan mai 55 da 45 ya koma kusan 39 da 32, hatimin roba kuwa ba ya raguwa, yana nan a 40 ɗinsa. Sai ya fita daga gidan ta sama da ƙasa, kuma abin da ke samansa kai tsaye shi ne layin ciko. Wato abin da aka sayi samfurin don a guje masa ya dawo. Rubutun kayan ma, wanda yake maki 11, ya koma ƙasa da 8, dattijo sai da tabarau. Wanda zai yi amfani da A5 sai ya sauya girman shafin tun daga saitin takarda, ya bar ma'aunin bugu a 100, ya rage layukan kaya zuwa shida, sannan ya ja gidan hatimin har ya kai aƙalla milimita 45 kowane gefe. A gwada a takarda da rula, don abin da allo ya nuna ba shi ne ma'auni ba. Haka ma zaɓin matse komai a shafi ɗaya yake yi a A4 idan layuka sun yi yawa, yana rage gidan hatimin a ɓoye.

Jimlar kanta fari ce a kan baƙin fili. A allo tana da kyau ƙwarai. A takarda tana shan tawada, kuma idan tawadar firinta ta fara ƙarewa, filin yakan fito da zane-zane, fararen lambobin su dusashe a ciki. Ba a iya rubuta komai da biro a wurin, gefen hatimin da ya hau kai ma ba ya fitowa. Na mayar da ita baƙar lamba mai kauri, maki 20, a kan farin fili da kauraren layi kewaye, kuma ta fi fitowa, har a fotokwafi. Sai dai a faɗaɗa sahun E, domin da wannan girman, da zarar jimla ta kai miliyan gidan ya yi mata kaɗan, sai a ga alamun ### a maimakon lamba.

Akwai kuma kwanan wata, wanda na so in ƙyale amma ba zai ƙyalu ba. An sa masa `=TODAY()`. Ma'anarsa duk ranar da aka sake buɗe tsohon rasit, kwanan ranar zai nuna. Idan gardama ta taso bayan wata biyu aka buɗe fayil don a duba, kwanan da ke allo ba zai yi daidai da na takardar da ke hannun mai saye ba, kuma shago ne zai zama kamar mai ƙarya. A goge fomular, a riƙa danna Ctrl da alamar ; tare, wannan yana saka kwanan da ba ya motsi. Ajiye kowane rasit a matsayin PDF da lambarsa a sunan fayil ya fi komai kwanciyar hankali.

Babu layin rubuta kuɗi da kalmomi, na ƙara shi da kaina a ƙasan ciko. Lambar rasit da hannu ake sakawa, ban damu da wannan ba.

Gidan hatimin a A4 har yanzu ina yaba shi, ban ga samfurin da ya ware masa fili haka ba tare da ya matse sa hannu ba. Amma ba zan ce wa kowa ya sauke ya fara bugawa a ranar ba. Taurari biyu cikin biyar na ba shi yadda ya zo, huɗu bayan gyara. Kafin rasit na farko ya fita, a ƙara layi biyu a ƙasa, a sa 1,000 a kowane layi, a duba ko jimlar ta ce 12,000.