Ciwon rosasiya: tsakanin gujewa abin da ke tayar da jan fuska da gyara shingen fata

Mai fama da rosasiya, ciwon da ke sa jijiyoyin jinin fuska su buɗe har kumatu da hanci su yi ja suna zafi, yakan tsaya tsakanin hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ita ce gano abin da ke tayar da ciwon, kamar zafin rana, abin sha mai zafi, yaji, barasa ko damuwa. Amfaninta a fili yake, amma tana da wahala, domin abin da ke tayar wa wani ba lallai ne ya tayar wa wani ba. Wanda ya lura fuskarsa na ja bayan shan kofi, alal misali, ya gwada shan sa bayan ya huce kafin ya daina, domin sau da yawa zafin ne ke da laifi. Rubuta abin da aka ci da yanayin da aka shiga na 'yan makonni yana hana mutum haramta wa kansa komai a banza.

Hanya ta biyu ba ta tambayar dalili, tana ƙarfafa shingen fata ne kawai, wato saman fatar da ke ba ta kariya: a wanke fuska da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu mara turare, a shafa man da ke riƙe danshi, sannan da safe a ɗora man kariyar rana mai lambar ƙarfin kariya ta SPF 30 ko sama, musamman mai sinadarin zinki, wanda bai cika yin raɗaɗi ba. A bar goge fuska da abu mai kaushi, kuma kowane sabon mai a gwada shi a gefen wuya tukuna.

A ganina da ta biyu ya kamata a fara, domin fatar da ke a fusace kusan komai na tayar mata, sai lissafin ya rikice. Sai dai idan ƙuraje suka fito ko idanu suka soma ƙaiƙayi, wannan aikin likitan fata ne.