Tsakanin `fold` da `textwrap` wajen karya layin rasit

Masu haɗa manhajar shaguna a Gusau sun sha tambayata wanne ya fi dacewa wajen karya dogon rubutu a kan takardar rasit mai faɗin milimita 58, wadda galibi take ɗaukar haruffa 32 a layi, ba tare da an raba kalma gida biyu ba.

Wajen sauƙi `fold` ne a gaba, domin yana nan a Linux, kuma `-s` ke sa shi karya layi inda akwai tazara:

```
fold -s -w 32 rasit.txt
```

Inda yake ba ni damuwa shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. A injina da dama bayit yake ƙirgawa, alhali ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne a UTF-8. Layin "Ƙosai da ɗanwake da ƙwai huɗu" haruffa 29 ne, amma bayit 33, don haka sai "huɗu" ta sauko ƙasa ita kaɗai ko da yake akwai wuri.

Shi kuwa `textwrap` na Python haruffa yake ƙirgawa, saboda haka layin nan zai zauna daidai. Sai dai yana mayar da ƙarshen layi tazara, wanda zai cakuɗa jerin kaya idan ba layi-layi aka ba shi ba. Yana kuma yanka kalmar da ta zarce faɗin, sai an sa `break_long_words=False`.

Mai duba rubutun Turanci a allon umarni, `fold` ya wadatar da shi. Mai buga rasit da Hausa, wanda manhajarsa da ma da Python take, `textwrap` ya fi masa.