Kafin ka sayi kwamfireso, karanta lambar wanda ya ƙone

Mai sayar da ƙanƙara ko kunun aya a Sakkwato ya san watan Afrilu ne lokacin ciniki, kuma a lokacin ne tsofaffin firiza suka fi ƙona kwamfireso. Sai ka shiga kasuwa a ce maka irin naka an daina yinsa, ga wani "hos ɗinsu ɗaya", wato wai ƙarfinsu ɗaya. Maganar hos kiyasi ce ta bakin kasuwa. Abin dogaro shi ne lambar da ke manne a jikin tukunyar, wato shi kwamfireson.

Mu ɗauki tsohuwar firiza mai kwamfireson Danfoss, an rubuta FR8.5B. Haruffan farko, FR, sunan zubin tukunyar ne. Akwai TL da NL da SC, kowanne da girmansa. Lambar tsakiya, 8.5, kusan yawan gas ɗin da fistin ke zuƙa ne a juyi ɗaya, da awon cm³. Harafin ƙarshe shi ya fi muhimmanci, kuma shi mutane ke tsallakewa: B na nufin gas R12, G ko F na nufin R134a, K kuma R600a. An daina yin R12 saboda yarjejeniyar Montreal ta hana gas masu lalata sararin samaniya, wa'adin ƙasashe irin namu ya cika a 2010. A shekarar ce kuma Danfoss ya sayar da sashen waɗannan kwamfireso, sashen ya koma Secop, amma tsarin lambar bai sauya ba. In ka ga sabon suna a kwali, ba lalle jabu ba ne.

Zaɓi mafi arha shi ne ɗan gwanjo mai lamba iri ɗaya. Zai zauna daidai a kan ƙafafunsa, amma sa'an wanda ya mutu ne, kuma gas ɗinsa na gaske ya yi wuya. Ni ban ba da shawararsa ga mai neman abinci da firiza.

Magajinsa na kusa shi ne FR8.5G: zubi ɗaya, zuƙa ɗaya, gas daban. Sai dai ba cire wannan sa wancan ba ne. Man da ke cikin na R12 ba ya gauraya da R134a, don haka dole a wanke bututu, a sa sabuwar diraya, wato matatar da ke tsotse damshi, mai dacewa da R134a, a zuƙe iska da injin bakum kafin a ɗura gas. In mai gyara ya tsallake wannan, ragowar tsohon mai da damshi za su toshe siririn bututun da gas ke bi ya shiga cikin firiza. Alamar ita ce injin na ta aiki ba tsayawa, ƙanƙara na kamawa a kusurwa ɗaya kawai, sauran jikin firiza ba sanyi.

Wanda ya fi yaudara shi ne mai K, domin shi ya cika kasuwa yanzu. Za a nuna maka takwas da wani abu a jikinsa a ce ai ɗaya ne. R600a kuwa, a zuƙa iri ɗaya, sanyin da yake bayarwa bai fi rabi da 'yan kai na R134a ba; shi ya sa kwamfiresonsa ke da lamba babba. Ka sa shi, ruwanka zai yi sanyi amma ba zai daskare ba. Ga shi gas ne mai kama wuta, tsohuwar firiza kuma ba a ƙera wayoyinta da tamostat ɗinta don shi ba.

In za ka koma wani kamfani, lambar ba ta fassaruwa kai tsaye, kowa da tsarinsa. Nan ne jadawalin musaya na masu ƙerawa ke amfani. Duba cewa an rubuta LBP, wato na daskarewa, sannan ka gwada ƙarfin sanyi da wat. A kula: wani jadawalin ma'aunin ASHRAE yake bi, yana awo a -23.3°C, wani CECOMAF a -25°C, kuma injin guda zai nuna adadi mafi girma a na farko. Ka gwada awo da irinsa. Jadawalin yana cewa ne ƙarfinsu ya yi kusa, don haka tazarar ramukan ƙafa da faɗin bakin bututu sai ka auna da kanka. Ɗauki tsohon a kan babur ka je da shi shagon.

Da kuɗina ne, mai FT a ƙarshe zan nema, kamar NL8.4FT, in wat ɗinsa ya yi daidai. T ɗin na ƙasashen zafi ne, kuma yana jure wuta har ƙasa zuwa bolt 187, na gama-gari kuwa 198. A garin da zafi ke wuce digiri 40, wuta kuma ta zo ba ƙarfi da yamma, wannan tazarar na iya raba injin da zai tashi da wanda zai yi ta ƙyas-ƙyas har ya ƙone. Ka karɓi rile ɗinsa, wato na'urar da ke tayar da shi, a cikin kwalinsa, kada a mayar masa da na tsohon.