Littafi, Excel, Google Sheets ko manhaja: wanne ya dace da lissafin kuɗin haya?

Mai gidan haya da yake son ya zaɓi inda zai riƙa rubuta lissafinsa yana da hanyoyi huɗu a gabansa: littafin lissafi na takarda, jadawalin Excel a kwamfuta, Google Sheets a waya, ko kuma manhajar da aka ƙera musamman don masu gidajen haya. Dukkansu suna iya ɗaukar sunan ɗan haya da ranar biya da abin da ya biya. Inda suke bambanta shi ne bashin da ya tsallaka daga wani zango zuwa wani, domin a nan ne rigima take tashi tsakanin mai gida da ɗan haya, kuma da wannan ya kamata a auna kowace hanya kafin a kashe mata kuɗi ko lokaci.

A ɗauki misalin ɗan hayar ɗaki na uku, wanda hayarsa take cika ranar 1 ga Maris kowace shekara. A 2024 kuɗin ɗakin naira 180,000 ne, ya kawo 100,000 a Maris, ya ƙara 50,000 a Yuli, saura 30,000. A 2025 aka ƙara haya ta koma 200,000, ya turo 200,000 cif, kuma a ransa ya gama biya. Lissafi mai kyau zai nuna cewa abin da ake binsa a ranar 1 ga Maris 2025 naira 230,000 ne, wato tsohon bashi da sabuwar haya, don haka har yanzu akwai 30,000 a kansa. Lissafin da yake buɗe sabon shafi kowace shekara ba tare da layin "bashin baya" ba zai nuna sifili, kuma kuɗin sun ɓace ke nan har sai ranar da mutumin zai tashi, lokacin da babu wanda yake tuna abin da ya faru a Yuli. Duk hanyar da za a zaɓa, wajibi ne ta rubuta kowane biya a layinsa da ranarsa, kada a goge 100,000 a mayar da ita 150,000, domin wanda ya yi haka ya shafe shaidar da zai nuna gobe.

Littafin takarda ya wadatar wa mai ɗakuna biyar ko shida da ake biya shekara-shekara, matuƙar ya sayi mai bango mai ƙarfi, ya ware wa kowane ɗan haya shafinsa, ya kuma haɗa da littafin rasit mai kwafi don lambar rasit ta shiga kowane layi. Yana da fifiko guda da sauran ba su da shi: ɗan haya yana iya sa hannu ko dangwala yatsa a gefen adadin, kuma gyara da biro ba ya ɓoyuwa. Rauninsa shi ne ba ya tunatarwa idan rana ta zo, jimla da hannu ake yinta, kuma kwafi ɗaya ne tak, wanda ruwa ko gara za su iya lalatawa. Wanda ya zaɓe shi ya riƙa ɗaukar hoton shafin da waya duk lokacin da aka ƙara layi.

Idan akwai shagunan da ake biya wata-wata, ko 'yan haya sun haura goma kowa da ranarsa, jadawali a na'ura ya fi. Hanyar da yawancin mutane suke fara bi ita ce layi ɗaya ga kowane zango, da ginshiƙan bashin baya (C), haya (D), abin da aka biya (E) da ragowa (F), sannan layin gaba ya ɗauko ragowar na sama:

```
F2: =C2+D2-E2
C3: =F2
```

Wannan yana aiki ne muddin layukan mutum ɗaya suna jere a bin juna. Da zarar an sake jera jadawalin bisa kwanan wata, ko an cusa wani ɗan haya a tsakani, sai bashin wani ya faɗa kan wani, kuma na'urar ba za ta yi gargaɗi ba. Alamar ita ce a ga bashi a kan wanda bai taɓa jinkiri ba. Ni na fi amincewa da shafuka biyu: shafin Haya mai ɗauke da lambar ɗan haya, ranar da biya ya wajaba da adadi, da shafin Biya mai ɗauke da lamba, ranar da kuɗi suka shigo da adadi. A shafi na uku sai a jera lambobin 'yan haya a ginshiƙin A, a ciro bashin kowa da dabara ɗaya:

```
=SUMIFS(Haya!C:C,Haya!A:A,A2,Haya!B:B,"<="&TODAY())-SUMIFS(Biya!C:C,Biya!A:A,A2)
```

Dabarar tana tara duk hayar da ranarta ta riga ta zo, ta cire duk abin da mutumin ya taɓa biya, don haka bashin yana tsallakawa da kansa komai yadda aka jera layukan. Idan sakamakon ya fito ƙasa da sifili, ɗan hayar ya biya gaba ne. Lambar kuma ta zama ta mutum, ba ta ɗaki kaɗai ba, misali D3-01 ga na farko da D3-02 ga wanda ya gaje shi, don kada sabon shiga ya gaji bashin wanda ya tashi.

Dabarar ɗaya ce a Excel da Google Sheets, bambancin yana wajen ajiya da amana. Excel ya dace da mai kwamfuta da yake riƙe lissafinsa shi kaɗai, ba ya dogara da intanet, amma fayil ɗin yana iya tafiya tare da kwamfutar idan ta lalace ba a yi kwafi ba. Google Sheets kyauta ne ga mai asusun Google, kuma yana ajiye tarihin gyare-gyare, wanda yake nuna wanda ya canza adadi da lokacin da ya canza. Ga mai gidan da yake zaune a wani gari, wakili ne yake karɓar masa haya, wannan tarihin kaɗai ya isa dalilin zaɓensa, musamman da yake ana iya kulle shafin Haya a bar wa wakilin shafin Biya kawai. A duka biyun a duba tsarin kwanan wata tun farko, domin idan an saita shi a salon Amurka, 01/03/2025 zai zama 3 ga Janairu maimakon 1 ga Maris, kuma jadawalin zai fara bin mutum bashi kusan wata biyu kafin lokaci.

Manhajojin masu gidaje suna da tunatarwa da fitar da rasit, amma da yawa an gina su ne kan biyan wata-wata, alhali a yawancin garuruwan Nijeriya shekara ake biya, ko rabin shekara, sau da yawa kashi-kashi. Kafin a biya kuɗin rajista, a shigar da misalin ɗaki na uku yadda yake, a ga ko za ta nuna 230,000 a Maris 2025, ko za ta karɓi biya biyu a zango ɗaya, ko ƙarin haya zai bar adadin bara yadda yake. A kuma tabbatar ana iya fitar da bayanan zuwa fayil na CSV ko Excel, don kada lissafin shekaru ya maƙale a cikinta ranar da aka daina biya. Manhajar da ta gaza a ɗaya daga cikin waɗannan ba ta kai jadawalin kyauta ba.

Akwai abu ɗaya da babu na'urar da za ta yanke wa mai gida: idan mai bashi ya kawo kuɗi, tsohon bashi za a fara cirewa ko sabuwar haya? Jimlar ba ta canzawa, amma abin da aka rubuta a rasit yana canzawa, kuma rasit ne ake kaiwa gaban mai unguwa ko kotu. Idan rasit ɗin 2025 ya ce "hayar 2025 cikakkiya" bai ambaci komai ba, ɗan hayar zai riƙe shi a matsayin hujja. Ya fi aminci a rubuta cewa an karɓi 200,000, an cire 30,000 na bara, 170,000 sun shiga hayar bana, saura 30,000, sannan a tsara ginshiƙan jadawalin su dace da wannan rubutu. Kuɗin wuta da na shara kuwa a ba su shafinsu dabam, kada su gauraya da bashin haya.