Shekara guda ina biya, bashin bai motsa ba: rancen shekara 5 da na shekara 2

"'Yan'uwa, na ci bashin naira miliyan 3 a banki, ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara, zan biya cikin shekara 5. Wata 12 ke nan ana cire min ₦86,304, amma da na duba, ragowar bashin ya haura miliyan 2.6. Cuta ce? Abokin aikina ya karɓi daidai wannan kuɗin na shekara 2, nasa har ya kusa rabi."

Malam, na buga lissafin, kuma babu kuskure a ciki. Kai da abokinka ruwa ɗaya aka ɗora muku, wa'adi ne kawai ya raba ku.

Banki ba ya raba kuɗin ruwa daidai wa daida a kan watanni. Kowane wata yana duba abin da ya rage a wuyanka, ya ɗauki kashi 2 cikin ɗari nasa, wato 24 raba 12. Wannan ake fara cirewa daga kuɗin da ka biya, abin da ya saura shi ke cin uwar kuɗi. A watan farko miliyan 3 ɗin tana nan cur, don haka ruwanta ₦60,000 ne, a kanka da kan abokinka baki ɗaya. To kai ₦86,304 ka ajiye, sai ₦26,304 kacal ta taɓa uwar kuɗi. Shi kuwa ₦158,613 ake cire masa, bayan an ɗebe dubu sittin ɗin ₦98,613 ta faɗa kan bashin.

| | Shekara 5 | Shekara 2 |
|---|---|---|
| Biyan wata | ₦86,304 | ₦158,613 |
| Ruwan watan farko | ₦60,000 | ₦60,000 |
| Ragowa bayan wata 12 | ₦2,647,210 | ₦1,677,390 |
| Jimlar ruwa a ƙarshe | kusan ₦2,178,000 | kusan ₦807,000 |

Ɗauko jadawalin biyan da suka ba ka ranar sa hannu, ka ɗora yatsa a layi na biyu. Tunda bashin ya sauka zuwa ₦2,973,696, ruwan wata na biyu ya zama ₦59,474. Ragin bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba, ɗari biyar da 'yan kai ne, amma wannan ɗari biyar ɗin ta koma ɓangaren uwar kuɗi. Haka abin yake tafiya kamar hawainiya, ruwa na raguwa, rabon uwar kuɗi na ƙaruwa, biyan wata kuma bai canza ba. A naka rancen sai a wata na 26 rabon uwar kuɗi zai wuce na ruwa. A watan ƙarshe ruwan ₦1,692 ne kawai. Cikin sama da miliyan guda da ka biya bana, kusan ₦683,000 ruwa ne, shi ya sa kake ganin kamar kana zuba ruwa a rariya. Abokinka tun watan farko uwar kuɗi ce ke cin kaso mafi tsoka, amma fa albashinsa ne ya san zafin da yake sha.

In kana son gwadawa da kanka, rubuta wannan a Excel, sannan ka mayar da 60 ta zama 24:

```
=PMT(0.02,60,-3000000)
```

In ka ga bambancin 'yan nairori da na takardarka kada ka tada hankali, wasu bankunan da kwanaki suke lissafi, watan Fabrairu ba daidai yake da Maris ba. Abin da zai sa ka koma ka zauna da su shi ne in ragowar ta yi nisa da ₦2,647,210. A nan sai ka tambaya ko an canza farashin ruwan ne a tsakiyar tafiya, ko an ɗora tarar jinkiri ko kuɗin inshora a kan bashin. Akwai kuma masu ba da rance da ke lissafa ruwa a kan kuɗin asali har ƙarshe, komai yawan abin da mutum ya biya. Ana gane su da cewa layin ruwa ba ya sauka, adadi ɗaya ne tun daga sama har ƙasa. Naka ba irin wannan ba ne, da biyanka na wata ₦110,000 zai kasance.

Ni a ganina, in wani kuɗi ya shigo maka, yanzu ne yake da amfani, ba a shekara ta huɗu ba. In ka zuba ₦200,000 a kan uwar kuɗi yau, ruwan wata mai zuwa zai ragu da ₦4,000, kuma ragin zai bi ka tsawon wata 48 da suka rage. Sai dai ka fara karanta takardar yarjejeniya, ko akwai tara kan biya kafin wa'adi. Kuma ka rubuta musu ƙarara cewa a kan uwar kuɗi za a sa, don in ka tura kawai zai iya zama a asusu ana gutsura wata-wata a matsayin biyan da ka saba. Bayan nan ka nemi su buga maka sabon jadawali, ka zaɓa: ko a rage biyan wata, ko a gajarta wa'adi. Gajarta wa'adin ya fi rage ruwa.