Tara kai tsaye ko hanyar sikwaya: wacce za ki bi wajen lissafin ± na g?

Tambaya: "Assalamu alaikum yayyena. A gwajin lilo na samu tsawon zare L = 0.800 ± 0.002 m, kai-komo 20 kuma sun ɗauki t = 35.9 ± 0.2 s. Wasu sun ce in tara rashin tabbas ɗin kai tsaye, wasu sun ce a'a, sai na yi sikwaya tukuna. Wanne ne daidai, kuma yaya zan rubuta shi a rahoto a taƙaice?"

Wa alaikumussalam ƙanwata. Duka biyun ana aiki da su, amma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Tarawa kai tsaye tana nuna miki iyakar munin da abu zai iya kaiwa, wato idan kowane awo ya karkace zuwa ɓangaren da zai fi ɓata sakamako. Hanyar sikwaya kuwa tana nuna karkacewar da aka fi tsammani, tunda da wuya kurakuran da ba ruwan ɗaya da ɗaya su haɗa baki a lokaci guda.

Farkon aikin ɗaya ne. Kai-komo guda yana ɗaukar T = 35.9/20 = 1.795 s, saboda haka g = 4π²L/T² ya ba da 9.802 m/s². Tunda ninkawa da rabawa ne kawai a cikin lissafin, sai ki mayar da kowane ± zuwa kashi cikin ɗari na abin da aka auna. Na tsawo 0.002/0.800 ne, wato 0.25%. Na lokaci 0.2/35.9 ne, wato 0.56%, kuma raba t da 20 bai canza wannan kason ba. Amma T na ɗauke da sikwaya, don haka kasonsa ninki biyu ne, 1.11%. Daga nan hanya ta rabu:

```
Kai tsaye: 0.25 + 1.11 = 1.36%        → ± 0.13 m/s²
Sikwaya:   √(0.25² + 1.11²) = 1.14%   → ± 0.11 m/s²
```

Kin ga tazarar ba ta taka kara ta karya ba, kuma dalilin ya fi amsar amfani. Lokaci ne ya danne komai. A hanyar sikwaya 1.11 ya koma 1.14 kacal bayan an haɗa masa na tsawo, domin ƙaramar lamba idan aka ninka ta da kanta sai ta ƙara ƙanƙancewa. Duk inda kaso ɗaya ya ninka sauran sau uku ko huɗu, kusan shi kaɗai ne amsar. Wannan ya gaya miki inda za ki gyara: ba rula ba, agogo. Da kin ƙirga kai-komo 50, t zai kai kusan 89.8 s, ± 0.2 ɗin nan na saurin danna agogo yana nan yadda yake, sai kason lokaci ya sauko zuwa 0.45%. A nan ne hanyoyin za su fara nisa da juna: kai tsaye ± 0.07, sikwaya ± 0.05. Suna ƙara rabuwa idan kasonni suna da yawa kuma girmansu ɗaya. Huɗu masu 1% kowanne, kai tsaye 4% ne, sikwaya 2%.

Tarawa kai tsaye tana da sauƙin tantancewa da kalkuleta. Sa zare mafi tsawo da lokaci mafi gajarta, 0.802 da 35.7, za ki samu 9.94. Juya su, 0.798 da 36.1, za ki samu 9.67. Rabin tazarar da ke tsakaninsu 0.13 ne, daidai da abin da muka samu. Aibinta shi ne tana kumbura ± idan awon ya yi yawa, har sakamako mai kyau ya zama kamar na wasa.

Hanyar sikwaya ita ce ta ɗakunan gwaji, ita ce kuma ke cikin GUM, wato jagorar ƙasa da ƙasa kan bayyana rashin tabbas a awo, da ta fito a 1993, amma tana da sharaɗi: kada kurakuran su fito daga tushe ɗaya. A gwajinki sharaɗin ya cika, rula daban, agogo daban. Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne T². Wani zai ce ai T sau T ne, sai ya rubuta √(0.56² + 0.56²) ya samu 0.79%. Ba haka ba ne. T ɗaya ne, idan ya yi sama duka biyun sun yi sama tare, don haka 1.11% ne ko wace hanya kika bi. Haka idan kin auna tsawo da faɗin faranti da rula ɗaya wadda ta kauce da 0.5%, girman filin, wato tsawo sau faɗi, zai kauce da 1%, ba 0.7% ba. Sharaɗi na biyu shi ne ± ɗin da kike haɗawa su zama iri ɗaya. Idan na lokaci daga maimaita awo kika fitar da shi, na tsawo kuma iyakar abin da rula za ta iya ɓata ne, to a ƙa'ida ana raba iyakar da √3 kafin a haɗa. A aikin shekarar farko ba kasafai ake neman wannan ba, kuma a lambobinki ba zai motsa 0.11 ba.

Ni dai sikwaya zan bi a nan, sai fa idan takardar gwajin ko malaminki ya ce a ba da iyakar kuskure. Shi ke ba da maki, bi abin da ya ce.

Batun rubutawa kuma, fara da datse ± ɗin zuwa lamba ɗaya ko biyu masu ma'ana, sannan ki datse sakamakon ya tsaya a gurbi ɗaya da shi bayan ɗigo. Kada ki kwashe duk abin da kalkuleta ta nuna: 9.8021 ± 0.11 yana iƙirarin sanin abin da awonki bai kai ba. Datsewar a ƙarshe ake yinta, ba a tsakiyar lissafi ba. Layi biyu sun isa:

```
g = (9.80 ± 0.11) m/s²
```

"An haɗa rashin tabbas na tsawo (0.25%) da na lokaci (1.11%) ta hanyar sikwaya, bisa ɗaukar cewa ba su da alaƙa da juna. Lokaci ne ya fi rinjaye." Ba tare da wannan jimlar ba, mai karatu ba zai san ko 0.11 iyaka ce ko karkacewar da aka saba ba. Idan aka nemi ki ba da tabbacin kusan 95%, ki ninka sau biyu, ± 0.22, ki rubuta k = 2 a gefe.

Idan za ki kwatanta da sanannen g, tazararki daga 9.69 zuwa 9.91 ce, kuma 9.81 na littafi yana ciki. A yankinmu ma, kamar Kano ko Maraɗi, g ya fi kusa da 9.78 saboda kusancinmu da layin ikwaita, shi ma yana ciki, awonki ba zai iya bambance su ba.

Abu ɗaya ki duba kafin ki miƙa: ina kika tsayar da rula? L daga inda aka ɗaure zaren yake farawa har tsakiyar ƙwallon. Idan a saman ƙwallon kika tsaya, kuma daga sama zuwa tsakiyarsa 1 cm ne, L ya ragu da kusan 1.2%, g ya faɗi da kusan 0.12, ya fi ± ɗinki gaba ɗaya. Babu hanyar da za ta kama wannan a cikin biyun, sai dai ki gyara L ki sake lissafi. Idan kin auna tsawo daban-daban, zana T² a kan L: layin da ya ƙi bi ta sifili shi ne alamar.